Yadda nake fama da takardar aikin ƙididdiya, kwana bayan kwana

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Yau malamin ƙididdiya ya turo mana takardar aiki, ya ce a dawo da ita ranar Asabar 25 ga wata. Na tsaya a wani shago kusa da Taminus a nan Jos aka buga mini ita, shafi biyu, tambayoyi uku. Ta farko matsakaici da midiyan, ta biyu abin da muke ce wa sitandad dibiyeshan, ta uku histogiram.

Shekara takwas ke nan ina aiki a ɗakin katin marasa lafiya, kuma duk ƙarshen wata ni nake cike gurbin "matsakaicin kwanakin jinya" a rahoto. Haɗawa nake yi in raba, in miƙa. Ban taɓa tambayar kaina ko lambar nan tana faɗin gaskiyar abin da ya faru a ɗakin kwanciya ba. Dalilin da ya sa na ɗauki alwashin yin takardar nan da hannuna ke nan, ba zan kwafa a wurin kowa ba, kuma zan riƙa rubuta inda na tsaya kullum.

Lahadi, 12 ga Janairu

Tambaya ta farko ta ba da kwanakin da marasa lafiya goma suka yi a gado kafin a sallame su:

```
7, 5, 6, 4, 23, 9, 6, 8, 5, 7
```

Matsakaici bai ba ni wahala ba. Jimilla 80, mutum goma, kwana 8 ke nan.

A midiyan na yi tuntuɓe. Na san lambar da ke tsakiya ake nema, kuma tunda goma ce babu tilo a tsakiya, sai a ɗauki ta biyar da ta shida a raba tsakaninsu. Na ƙirga daga hagu yadda suke a takarda, na samu 23 da 9, na rubuta 16. Har na ja layi biyu a ƙarƙashi. Sai da na tashi dafa shayi, saboda sanyin Jos na bana ya hana yatsu riƙe biro, tunanin ya zo mini: in dai 16 ce tsakiya, ai ya kamata mutum biyar su wuce kwana 16. Mutum ɗaya ne kawai ya wuce. Ashe ban jera su ba.

```
4, 5, 5, 6, 6, 7, 7, 8, 9, 23
```

Ta biyar 6, ta shida 7, midiyan 6.5. Yanzu biyar suna ƙasa, biyar suna sama. Wannan ƙirgar ita zan riƙa yi duk lokacin da na fitar da midiyan, ba ta cin minti ɗaya.

Akwai ƙaramar tambaya a ƙasa: wanne ne ya fi dacewa a faɗa wa sabon majinyacin da ya tambayi kwana nawa ake yi? Na bar gurbin. Dare ya yi.

Talata, 14 ga Janairu

Ƙaramar tambayar nan ta bi ni har wurin aiki. Da na dawo na zauna na duba jerin da kyau. Matsakaici ya ce kwana 8, amma cikin mutum goma, bakwai sun tafi gida kafin su cika kwana 8. Ɗaya ya yi takwas ɗin daidai, biyu suka wuce. Lambar da ta fi ƙarfin mutum bakwai cikin goma, ta yaya za a ce ita ce "yadda aka saba"?

Mai kwana 23 ne ya ja ta. Na san irinsa sarai, duk ɗakin kwanciya akwai shi: mai ciwon suga da gyambon ƙafa ya ƙi warkewa, ko wanda likita ya sallama amma kuɗin asibiti ya riƙe shi. Na cire shi na gwada da tara ɗin da suka rage. Jimilla ta koma 57, matsakaici ya faɗo zuwa 6.33. Midiyan kuwa daga 6.5 ya koma 6 kawai. Na sake gwadawa ta wata fuskar, na mai da 23 ɗin 53. Matsakaici ya haura 11, midiyan yana nan a 6.5 bai ko motsa ba. Dalilin a fili yake: matsakaici yana ɗaukar nauyin kowace lamba, shi kuwa midiyan matsayinta a layi kawai yake dubawa. Na ƙarshe a layi na ƙarshe ne, ko da kwana 23 ya yi ko 53.

Na rubuta cewa majinyaci midiyan za a faɗa masa, kamar kwana shida zuwa bakwai. Amma na ƙara layi ɗaya da malam bai tambaya ba, don ina ganin haƙƙin matsakaici ne a faɗa. Mai lissafin abinci da zannuwan gado da kuɗin magani, matsakaici yake buƙata, domin mai kwana 23 ɗin ya ci abinci kwana 23 da gaske. Takwas sau goma ta mayar maka da kwana 80 na gado. Shida da rabi sau goma 65 ce, an ɓatar da kwana 15 da aka yi hidimarsu.

Laraba, 15 ga Janairu

Tambaya ta biyu, lambobin jiya ne dai. Na fahimci abin da ake so: a auna yadda lambobi suka warwatsu daga matsakaici. Na ɗebe 8 daga kowace, na samu −4, −3, −3, −2, −2, −1, −1, 0, 1, 15. Na haɗa su, sifili. Na sake haɗawa, sifili. Na ɗauka kuskure na yi, na yage shafin.

Ba wuta tun la'asar, fitilar caji ta mutu ƙarfe tara. Nan na tsaya.

Juma'a, 17 ga Janairu

Bayan an sauko masallaci na hau keke napep daga Unguwar Rogo zuwa Gangare wurin Kawu. Ya koyar da lissafi a sakandare fiye da shekara talatin kafin ya yi ritaya. Na tarar da shi a zaure da rigar sanyi da hular kunne, rediyo a gefe. Bayan mun gaisa ya tambayi yara, na miƙa masa takardar.

Na ce, "Kawu, duk yadda na haɗa sifili nake samu."

Ya ce, "To madalla, 'yar nan. Da kin samu wani abu ban da sifili, da sai in ce matsakaicinki ne ba daidai ba."

Ya ɗauko rula ya ɗora ta a kan yatsa har ta tsaya ba ta karkata ba. Ya ce matsakaici shi ne inda yatsan yake. Nauyin da ke hagu dole ya yi daidai da na dama, shi ya sa na ƙasa suka ba da −16, na sama suka ba da 16, suka cinye juna. Kowane jerin lambobi haka zai yi. Saboda haka ne ake ninka kowace tazara da kanta kafin a haɗa, don −4 sau −4 ta zama 16, alamar ragi ta tafi.

Ya sa na yi a gabansa, shi bai taɓa biro ba:

```
16, 9, 9, 4, 4, 1, 1, 0, 1, 225
Σ(x − x̄)² = 270
270 ÷ 10 = 27
```

Na ce amsa 27. Ya yi shiru, sannan ya ce in duba mafi ƙanƙanta da mafi girma a jerin. Huɗu da ashirin da uku, tsakaninsu 19. Ya ce, "Gidan gaba ɗaya faɗinsa 19, ke kuma kin ce tazarar da aka saba daga tsakar gida 27 ce?" Ashirin da bakwai ɗin sunanta bariyans, kuma ba kwanaki ba ce, kwana ne sau kwana. Tunda mun ninka kowace da kanta a farko, sai an ɗauki saiwarta a dawo da ita kwanaki. Saiwar 27 ita ce 5.20, ita ce sitandad dibiyeshan ɗin. Ya ƙara mini wata ƙa'idar dubawa: in an raba da yawan lambobin, amsar ba ta taɓa wuce rabin faɗin jerin. Rabin 19 shi ne 9.5, kuma 5.20 tana ƙasa da shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne 225 ɗin nan. Cikin 270, mutum ɗaya ne ya kawo 225, wato kashi biyar cikin shida. Sauran tara gaba ɗaya 45 suka tara. Ninkawar da ta kore mana alamar ragi ita ce kuma ta kumbura na nesa: mai tazarar 3 ya kawo 9, mai tazarar 15 ya ninka shi biyar a nisa amma ya ninka shi ashirin da biyar a lissafi. Muka cire shi muka sake da mutum tara, 5.20 ta faɗo zuwa 1.49. Ke nan duk wanda ya ga "matsakaici 8, warwatsuwa 5.20" a rahoto zai ɗauka kwanakin jinya a ɗakin nan ba su da tabbas, alhali mutum tara sun taru tsakanin kwana 4 da 9.

Na tambaye shi ko a cire shi kawai. Ya ce a'a, sai in an tabbatar kuskuren rubutu ne, kamar mai cike kati ya so rubuta 2 ko 3 ya haɗe su. In da gaske ya yi kwana 23, mutum ne kamar kowa, yana cikin lissafi. Abin yi shi ne a ba da midiyan tare da matsakaici, a kuma faɗa a fili cewa akwai shi.

Inna ta haɗo ni da dankalin turawa a leda, wai an kawo musu daga Bokkos.

Lahadi, 19 ga Janairu

Na so in tabbatar da amsar da kalkuleta. Tawa Casio ce, fx-991ES PLUS. Ga hanyar:

```
MODE  3 (STAT)  1 (1-VAR)
AC
SHIFT  1  4 (Var)
```

Tsakanin layi na farko da `AC` ake shigar da lambobin, ana danna `=` bayan kowace. A ƙarshe sai ta nuna abu huɗu: `n`, `x̄`, `σx`, `sx`. Na fara duba `n` in ga goma ce, don in lamba ɗaya ta faɗi a hanya duk sauran banza ne. `σx` ta ba ni 5.196, daidai da na Kawu. `sx` kuma ta ba ni 5.477.

Amsa biyu ga tambaya ɗaya. Wata 'yar ajinmu ta kira ni da yamma, ita 5.48 ta rubuta, tana cewa tawa ce ba daidai ba. Na koma littafin darasi. Bambancin a wurin rabawa yake: `σx` tana raba 270 da 10, `sx` tana rabawa da 9, ta samu 30, saiwar 30 kuma 5.48.

Me ya sa 9? Ga yadda na fahimta bayan na karanta sau uku. In mutum goman nan su ne duka waɗanda ake magana a kansu, da 10 za a raba. In kuwa an tsamo su ne daga ɗaruruwan marasa lafiya don a yi hasashen na kowa, akwai matsala: tazarar da muka auna daga matsakaicin su goman ce, ba daga matsakaicin asibitin gaba ɗaya ba, kuma lambobi kullum sun fi kusa da nasu matsakaicin a kan na wani. Saboda haka 270 ɗin tana yawan gazawa kaɗan, sai a rage abin rabawa da ɗaya don a cike giɓin. Akwai wata hanyar ganinsa da ta fi shiga kaina: tunda tazarorin dole su haɗu su ba da sifili, in ka san tara, ta goma ba ta da zaɓi. Tara ne ke da 'yanci.

Na sake karanta tambayar a hankali. Ta ce an zaɓi mutum goman ne daga rajistar asibiti ta shekara. Samfur ne ke nan, kuma 'yar ajinmu ce ke da gaskiya. Na kira ta na faɗa mata. Na rubuta 5.48, na nuna rabawa da 9, a gefe kuma na sa 5.20 da dalilin da ya sa ban ɗauke ta ba.

Litinin, 20 ga Janairu

Histogiram. Mintunan da mutum 60 suka jira kafin su ga likita. Sanduna huɗu manne da juna: 0 zuwa 10, 10 zuwa 20, 20 zuwa 30, sai ta ƙarshe mai faɗi, 30 zuwa 60. A gefen hagu na takardata lambobin sun fito rabi-rabi, rubutun da ke bayansu kuma injin bugawa ya yanke shi gaba ɗaya. Na ga 8, 16, 12, 8, na ɗauka yawan mutane ne. Na haɗa, 44. Tambaya ta ce 60.

Mutum 16 sun ɓata. Na yi ta juya takardar har aka kira isha'i, sannan na tuna asalinta tana cikin wayata. Na buɗe na faɗaɗa hoton da yatsu biyu. Lambobin ashe 0.8, 1.6, 1.2, 0.8 ne, kuma a tsaye a gefe an rubuta `Frequency density`, ba `Frequency` ba.

A nan ne na gane ban taɓa iya karanta histogiram ba, jadawalin sanduna nake karantawa in ba shi sunansa. A jadawalin sanduna, irin wanda muke yi na zazzaɓin cizon sauro da gudawa da hawan jini, tsayi ne komai, faɗin sanda ado ne, kuma ana barin fili tsakaninsu don ba abin da ke tsakanin cuta da cuta. A histogiram layin ƙasa ma'auni ne mai ci gaba kamar tef ɗin tela, shi ya sa sandunan suke manne. Kuma abin da ke nuna yawan mutane filin da sanda ta cinye ne, tsayi sau faɗi. Tsayin yana faɗin mutum nawa ne a kowane minti ɗaya na wannan zangon.

```
0–10:   0.8 × 10 = 8
10–20:  1.6 × 10 = 16
20–30:  1.2 × 10 = 12
30–60:  0.8 × 30 = 24
```

Jimilla 60. Mutum 16 ɗin da na rasa duk suna cikin sandar ƙarshe. Tsayinta ɗaya da ta farko, amma faɗinta ya ninka uku, mutanenta ma sun ninka uku. Kamar gona biyu ne masu zurfin kunya ɗaya, ɗaya fegi ɗaya ce ɗayar fegi uku.

Wannan ya taɓa ni fiye da sauran, don na san bencin da ake jiran nan. Wanda ya karanta tsayi kawai zai ce mutum 8 ne suka wuce rabin awa, ya ce aiki na tafiya. Gaskiyar ita ce 24 cikin 60, biyu cikin kowane biyar, suna zaune fiye da minti talatin, wasu da yaro a baya jikinsa zafi rau.

Da faɗin sandunan duka ɗaya ne, da tsayi ya isa a kwatanta su. Shi ya sa kuskuren yake ɓuya shekara da shekaru: yawancin waɗanda muke gani masu faɗi ɗaya ne. Daga yau abu biyu zan fara dubawa kafin in kalli sanda ko ɗaya, rubutun gefen hagu da faɗin kowane zango a ƙasa.

Laraba, 22 ga Janairu

An tambayi zangon da mutane suka fi cunkushewa. Na so in ce 30 zuwa 60 tunda shi ke da 24, amma yawansa daga faɗinsa ya zo. Cunkoso tsayi ke nuna shi, saboda haka 10 zuwa 20 ne.

Midiyan daga histogiram ya yi mini daɗin yi. Rabin 60 talatin ne. Zango na farko ya kai mu 8, na biyu ya kai mu 24, saura shida. Zango na uku yana da mutum 12 a cikin minti goma, shida rabinsu ne, sai a shiga rabin zangon: minti 25. A kan hoton, layin da aka ja a 25 yana raba filin sandunan gida biyu daidai.

Matsakaici kuma sai da tsakiyar kowane zango, tunda ba mu san ainihin mintunan kowa ba: 5, 15, 25, 45. Na kusa rubuta 35 a na ƙarshe don hannu ya saba ƙara goma. Tsakiyar 30 da 60 ita ce 45.

```
8×5 + 16×15 + 12×25 + 24×45 = 1660
1660 ÷ 60 = 27.67
```

Matsakaici ya ɗara midiyan, kamar a tambaya ta farko, kuma dalilin ɗaya ne, jelar da ta miƙe dama. Na rubuta "kimanin" a gaban 27.67 da gangan. Mun ɗauka mutum 24 ɗin nan sun daidaita a kan minti 45, alhali wataƙila yawancinsu 32 ko 35 suka yi, wataƙila kuma 55. Hoton ba zai faɗa ba. Wanda ya haɗe minti talatin a zango ɗaya ya zubar da labarin tun kafin ya iso gare mu.

Alhamis, 23 ga Janairu

Saura sitandad dibiyeshan na histogiram. Tambayar ta ce a ɗauki mutum 60 ɗin a matsayin duk waɗanda suka zo ranar, saboda haka da 60 zan raba. Na bi gajeriyar hanya da Kawu ya nuna mini, wadda na gwada a tambaya ta biyu ta ba ni 27 ɗin nan daidai. A nan f yawan mutanen kowane zango ne, x kuma tsakiyar zangon:

```
σ² = Σfx²/n − x̄²
Σfx² = 59900
59900 ÷ 60 = 998.33
```

Karo na farko na gajarta matsakaici zuwa 28 don sauƙi, na ninka shi da kansa na ɗebe daga 998.33, na ɗauki saiwa, na samu 14.64. Karo na biyu na bar shi yadda yake a kalkuleta, 27.6667, na samu 15.26. Gajartawar da ba ta kai rabin minti ba ta kawo bambancin da ya wuce rabin minti a amsa, domin an ninka lambar da kanta sannan aka ɗebe ta daga wata babba. Na riƙe 15.26, kuma ban sake gajarta komai ba sai a layin ƙarshe.

Gobe zan kwafe aikin a takarda mai tsabta, in kai wa Kawu ya duba tambaya ta uku kafin Asabar. Yau a wurin aiki na ɗauko rajistar sallama ta watan Disamba, na fara jera kwanakin daga ƙarami zuwa babba a bayan wani tsohon fom. Na kai mutum arba'in aka tashi. Sauran sai Litinin.